Wanda Ya Riga Shiga Ya Riga Fita: Sharhi Kan Jerin Elektiron a Ƙarfe, Kuromiyam da Jan Ƙarfe

Atom ɗin kuromiyam yana da elektiron 24. Atom ɗin ƙarfe yana da 26, amma idan ya rasa biyu ya zama ayon ɗin Fe²⁺, shi ma 24 suka rage masa. Duk wanda ya haddace jerin cika obital a aji zai ɗauka cewa tun da adadin ɗaya ne, to zaman elektiron ɗin ma ɗaya ne. Ba haka abin yake ba. Kuromiyam ana rubuta shi [Ar] 3d⁵ 4s¹, shi kuwa Fe²⁺ ana rubuta shi [Ar] 3d⁶. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, jerin da aka haddace ɗin bai ba da ko ɗaya daga cikin amsoshin nan biyu ba. Abin da yake bayarwa ga elektiron 24 shi ne [Ar] 4s² 3d⁴, kuma wannan ba kuromiyam ba ne, ba Fe²⁺ ba ne. A nan ɗaliban kimiyyar sinadarai sukan zubar da maki, tun daga jarrabawar WAEC har shekarar farko ta jami'a, kuma a ganina laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne. An ba su dabarar lissafi ne aka ce musu doka ce.

Kafin a kai ga rigimar, sai a fahimci abin da rubutun yake faɗa. Idan an ga 3d⁶, lambar farko, wato 3, ita ce lambar kwantam da ake kira n. Ita ke nuna matakin da elektiron yake, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon nisan da elektiron ya saba yi daga cibiyar atom. Harafin d yana wakiltar lamba ta biyu, l, wadda ke nuna siffar obital: s shi ne l = 0, p shi ne l = 1, d shi ne l = 2, f kuma l = 3. Ƙaramar lambar da ke sama, 6, ba lambar kwantam ba ce ko kaɗan, ƙidayar elektiron ce kawai da ke cikin wannan sashe. Akwai sharaɗi guda tsakanin n da l: l ba ta kai n ba, iyakarta n − 1. Shi ya sa babu 1p, babu 2d, babu 3f.

Sauran lambobi biyu ba sa fitowa fili a rubutun, sai an zana akwatuna. Lamba ta uku, mₗ, tana tashi daga −l ta bi ta sifiri har zuwa +l, kuma kowace ƙima obital guda ce. Sashen s yana da obital ɗaya, p yana da uku, d yana da biyar: −2, −1, 0, +1, +2. Ta huɗu ita ce mₛ, lambar sifin, wadda ƙima biyu kacal gare ta, +½ ko −½, ana zana su da kibiya mai kallon sama da mai kallon ƙasa. Wolfgang Pauli ya shimfiɗa ƙa'idarsa a 1925, cewa elektiron biyu a atom guda ba za su yi tarayya a dukkan lambobi huɗun ba. Daga wannan jumla guda duk adadin da ake haddacewa ya fito. Obital guda ya riga ya tsayar da n da l da mₗ, saura mₛ mai ƙima biyu, don haka elektiron biyu ne iyakarsa. Sai s ya ɗauki 2, p ya ɗauki 6, d ya ɗauki 10, f ya ɗauki 14.

Tambaya ta gaba ita ce wane sashe ake fara cikawa. Dabarar da ake koyarwa, wadda aka fi dangantawa da Erwin Madelung tun 1936, tana cewa a haɗa n da l, wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ke gaba, idan kuma an yi kunnen doki, mai ƙaramar n ya wuce. Ga 4s jimlar 4 + 0 ce, wato 4. Ga 3d 3 + 2 ce, wato 5. Ga 4p 4 + 1 ce, ita ma 5, amma 3d ya riga shi saboda n ɗinsa ƙarama ce. Daga nan aka sami jerin nan sananne: 1s, 2s, 2p, 3s, 3p, 4s, 3d, 4p, 5s, 4d, 5p, 6s, 4f, 5d, 6p. Ya kamata a riƙe cewa ba daga lissafin Schrödinger aka ciro wannan dabara ba. An dubi sakamakon awon hasken da atom ke fitarwa ne, aka ga tsarin da ya dace da akasarinsu, aka tsara shi. Kuma atom marasa caji kaɗai take nufi.

A gwada ta a kan ƙarfe. Elektiron 18 na farko suna cika 1s² 2s² 2p⁶ 3s² 3p⁶, wanda shi ne jerin iskar agon, don haka ake taƙaita shi da [Ar]. Saura takwas. Biyu su shiga 4s, shida su shiga 3d. Ƙarfe ya zama [Ar] 4s² 3d⁶, kuma awo ya tabbatar da hakan. Wasu littattafai suna rubuta [Ar] 3d⁶ 4s². Duka biyun daidai ne, amma ni na fi son na biyun, domin ya ajiye 4s a bakin layi, inda hannu zai fara kaiwa idan an zo yin ayon.

Yadda shidan nan ke zama a obital biyar na 3d kuwa, ƙa'idar Friedrich Hund ce ke hukunci: kowane obital ya sami elektiron guda, duk kibansu na kallon gefe ɗaya, kafin wani ya karɓi na biyu. Biyar na farko suka watsu ɗai-ɗai, na shida ya rasa wuri sai ya shiga kan wani da kibiyarsa a juye.

```
3d⁶   [↑↓] [↑ ] [↑ ] [↑ ] [↑ ]      4s²  [↑↓]
mₗ     −2   −1    0    +1   +2
```

Daga wannan zane ake karanta lambobin kwantam. Idan aka tambayi lambobi huɗu na elektiron na ƙarshe a ƙarfe, ana nufin na shidan 3d: n = 3, l = 2, mₗ = −2, mₛ = −½. Sai dai a nan akwai abin da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba. Lambobi biyun farko gaskiya ce ta atom ɗin, biyun ƙarshe kuwa al'adar zane ce. Littafin da ya fara lakabin akwatunansa daga +2 zai ba da mₗ = +2, kuma bai yi kuskure ba. Idan babu maganaɗisu a kusa, obital biyar ɗin nan makamashinsu ɗaya, babu na fari babu auta, haka nan fara zana kibiya tana kallon sama zaɓi ne kawai na masu rubutu. Elektiron kuma ba su da alamar da za a ce wannan ne ya shigo daga baya. Saboda haka mai hikima a ɗakin jarrabawa yakan zana akwatunansa da lakabinsu a fili, don mai dubawa ya ga hanyar da ya bi. Tambayoyin da amsarsu ba ta dogara da al'ada ba sun fi inganci, kuma ana samunsu. Elektiron nawa ne a ƙarfe ke da l = 0? A tara na 1s, 2s, 3s da 4s, takwas ke nan. Nawa ke da l = 1? Na 2p da 3p, goma sha biyu. Nawa ke da n = 3? Biyu da shida da shida, goma sha huɗu. Nawa ne ba su da abokin zama a obital? Huɗu. Haka kuma idan aka kawo jerin lambobi aka ce a nuna wanda ba zai yiwu ba, misali n = 3, l = 2, mₗ = +3, ba sai an tuna wani atom ba: mₗ ba ta wuce l, shi ke nan magana ta ƙare.

Yanzu ga ayon. Masu cajin ragi ba su da wata wahala, ana ci gaba da cikawa ne daga inda aka tsaya. Kulorin [Ne] 3s² 3p⁵ ne, Cl⁻ kuma [Ne] 3s² 3p⁶. Masu cajin ƙari na gefen jadawali ma haka: sodiyam ya rasa 3s¹ ɗinsa, kalsiyam ya rasa 4s² ɗinsa. Dalma, wadda jerinta ya ƙare da 6s² 6p², tana sakin na 6p biyun ta zama Pb²⁺, ayon ɗin da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a yi tozalin gargajiya. A duk waɗannan, wanda ya shiga ƙarshe shi ke fita farko, sai ɗalibi ya ɗauka haka dokar take. Da ya iso kan ƙarfe sai ya cire biyu daga 3d, ya rubuta Fe²⁺ a matsayin [Ar] 4s² 3d⁴. Amsar gaskiya ita ce a fara kwashe na 4s: Fe²⁺ ya zama [Ar] 3d⁶, idan an ƙara cire ɗaya, Fe³⁺ ya zama [Ar] 3d⁵. Hanyar aiki a taƙaice ita ce a rubuta jerin atom mara caji tukuna, sannan a cire daga mataki mai n mafi girma.

To me ya sa 4s zai riga shiga kuma ya riga fita? Bayanin da aka saba ji shi ne wai 4s yana ƙasa da 3d lokacin cikawa, da ya cika sai ya hau sama. Wannan ya kusa gaskiya amma ya ɓoye sanadin. Matsayin obital ba abu ne kafaffe ba, yana canzawa da yawan furoton da ke cibiya da kuma yawan elektiron da ke kare wannan caji. A fotasiyam mai furoton 19 da kalsiyam mai 20, 4s ne ya fi araha. Dalili kuwa, duk da cewa obital ɗin 4s babba ne, yana da ɗan rabo da ke kutsawa can ciki kusa da cibiya, ya wuce garkuwar elektiron 18 na ciki, ya ɗanɗani cajin cibiya sosai. Obital ɗin 3d ba shi da irin wannan kutse, a waɗannan atom biyu yana can waje a shimfiɗe yana jin ɗan caji kaɗan. Amma da cajin cibiya ya ƙaru, daga sikandiyam mai furoton 21 zuwa gaba, sai 3d ya tsuke ya faɗo ciki, makamashinsa ya koma ƙasa da na 4s.

Mai karatu zai ce, idan 3d ne a ƙasa, me ya hana elektiron takwas na ƙarfe su tattara a can, a sami 3d⁸? Abin da ya hana shi ne ƙunci. Elektiron duk cajinsu iri ɗaya ne, suna tunkuɗar juna, kuma obital ɗin 3d ƙanana ne matsattsu. Abin kamar gida ne mai ɗakin ciki da zaure. Ɗakin ciki ya fi ɗumi, kowa shi yake so, amma idan ya cika har numfashi ya yi wuya, mutum biyu za su gwammace su fito zaure inda akwai sarari. Idan kuma aka yi sallama daga waje ana neman wani, na zauren ne za su fara fita. Atom yana zaɓar zaman da ya sa jimlar makamashinsa duka ta fi ƙanƙanta, ba makamashin obital guda ba. A atom mara caji, fitar da biyu zuwa 4s ya fi sauƙi. A ayon kuwa, elektiron sun ragu alhali furoton na nan yadda suke, janyowar cibiya ta ƙaru, tazarar da ke tsakanin 3d da 4s ta buɗe, har tsadar hawa 4s ta fi tsadar jure ƙunci. Shi ya sa a ayon masu caji +2 zuwa sama na layin farko na sinadarai masu cika sashen d, duk abin da ya rage bayan [Ar] a 3d yake zama. Kalsiyam da Ti²⁺ misali ne mai tsabta: kowanne na da elektiron 20, amma kalsiyam mai furoton 20 [Ar] 4s² ne, Ti²⁺ mai furoton 22 kuma [Ar] 3d².

Ana iya kama amsar ƙarya da awo, ba sai an yarda da malami ido rufe ba. Kowane elektiron mara abokin zama ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, kuma ana auna ƙarfin da gishirin ƙarfe ke janyuwa zuwa maganaɗisu. Idan adadin marasa abokin zama N ne, ƙarfin da sifin ke bayarwa shi ne √(N(N+2)) a ma'aunin magneton na Bohr. Da Fe³⁺ 4s² 3d³ ne, da N uku ne, ƙarfin ya zama kusan 3.9. Idan 3d⁵ ne, N biyar, ƙarfin ya zama 5.9. Abin da ake samu a gishirin Fe³⁺ na yau da kullum yana wajen 5.9. Tutiya ma shaida ce. Atom ɗinta [Ar] 3d¹⁰ 4s² ne. Da Zn²⁺ daga 3d ya yi asara, da ya zama 3d⁸ mai marasa aboki biyu, maganaɗisu ya ja shi. A zahiri maganaɗisu ba ya jan gishirin tutiya, kuma idan an narkar da shi a ruwa ba shi da launi, kamar yadda ake tsammani daga 3d¹⁰ cikakke. Abin dariya shi ne Fe²⁺ kansa ba a kama shi ta wannan hanya, domin 3d⁴ na ƙarya da 3d⁶ na gaskiya duk marasa aboki huɗu suke bayarwa. Mai kuskuren zai iya cin makin tambayar maganaɗisu da jerin da bai inganta ba, ya tafi bai san ya yi ɓata ba.

Kuromiyam da jan ƙarfe su ne 'yan tawayen layin farko. Dabarar Madelung ta ce kuromiyam 4s² 3d⁴, awo ya ce 3d⁵ 4s¹. Ta ce jan ƙarfe, mai elektiron 29, 4s² 3d⁹, awo ya ce 3d¹⁰ 4s¹. Abin da ake faɗa a aji shi ne sashen da ya cika rabi ko ya cika fal yana da wata natsuwa ta musamman. A matsayin abin tunawa wannan ba laifi, kuma akwai gaskiya a ƙarƙashinsa. Elektiron biyu masu kibiya iri ɗaya ƙa'idar Pauli ta sa suna kauce wa juna, don haka tunkuɗar da ke tsakaninsu ta ragu. Kowane irin wannan haɗin biyu rangwame ne ga atom, ana kiransa makamashin musanya. Kibau huɗu masu kallon sama a 3d suna yin haɗin biyu-biyu guda 6, kibau biyar suna yin 10. Don haka idan kuromiyam ya ɗauko elektiron daga 4s ya kai 3d, ya ci ribar haɗi huɗu, kuma ya huta da cusa biyu a obital guda na 4s. Ribar ta fi kuɗin da ya biya, har tsarin 3d⁴ 4s² ya kasance sama da na gaskiya da kusan 1 eV.

Shaida mafi kyau ga wannan rangwame tana cikin makamashin cire elektiron na uku. Yawanci yana ƙaruwa daga hagu zuwa dama a layi, saboda cajin cibiya na ƙaruwa. Amma na manganis, mai furoton 25, kusan 33.7 eV ne, na ƙarfe mai furoton 26 kuwa kusan 30.7 eV. An sami koma-baya. Mn²⁺ 3d⁵ ne, cire masa ɗaya yana rushe haɗi huɗu. Fe²⁺ 3d⁶ ne, wanda ake cirewa shi ne na shidan nan mai juyayyar kibiya, wanda ba shi da haɗi da kowa a 3d, ga shi kuma a matse da wani a obital guda. Wannan na cikin dalilan da suka sa Fe²⁺ ke saurin komawa Fe³⁺ idan ya sha iska, alhali Mn²⁺ yana zamansa lafiya a ruwa.

Duk da haka, ba na son a bar maganar a kan natsuwar rabi da cika, domin da an sauka layi na biyu sai ta wargaje. Molibdenam da ke ƙarƙashin kuromiyam ya bi sahunsa, 4d⁵ 5s¹. Amma tongistan da ke ƙarƙashin su biyun ya ƙi, jerinsa ya ƙare da 5d⁴ 6s², ga rabin sashe a gabansa bai ɗauka ba. Niyobiyam 4d⁴ 5s¹ ne, ya ɗauko elektiron daga s ba tare da ya kai rabi ba. Ruteniyam 4d⁷ 5s¹ ne, rodiyam 4d⁸ 5s¹, babu rabi babu cika. Faladiyam ya kwashe duka biyun, 4d¹⁰ babu kowa a 5s. Kabon ma abin dubawa ne: da son rabin sashe doka ce, da ya zama 2s¹ 2p³, amma 2s² 2p² yake, saboda tazarar 2s da 2p tana da faɗi, ribar musanya ba za ta biya ta ba. Sinadarai kusan ashirin ne a jadawali suka saɓa wa Madelung. Abin da ya haɗa su shi ne obital biyu da makamashinsu ya kusanci juna ƙwarai, ta yadda ƙananan abubuwa, musanya da tunkuɗa, ke yanke hukunci. Banadiyam ya nuna yadda takarar take da zafi. Shi 3d³ 4s² ne bisa ƙa'ida, amma tsarin 3d⁴ 4s¹ yana sama da shi da kimanin rubu'in eV kawai. A niyobiyam da ke ƙarƙashinsa ma'aunin ya ɗan karkata, sai ɗaya tsarin ya ci. A tongistan kuwa, cibiya mai furoton 74 tana sa elektiron na s gudu mai tsanani a kusa da ita, har tasirin ƙa'idar dangantaka ta Einstein ya tsuke 6s ya saukar da makamashinsa, don haka ya riƙe biyunsa.

Labarin jan ƙarfe ya ɗan bambanta da na kuromiyam. A ƙarshen layi cajin cibiya ya yi yawa, 3d ya nutse ƙasa da 4s sosai, ga gurbi guda ya rage a cikinsa, sai elektiron ɗin 4s ya sauko ya cike shi. Azurfa da zinariya da ke ƙarƙashinsa duk haka suke, d¹⁰ s¹. Azurfa ma ta bar shaida a tarihi. A 1922, a Frankfurt, Otto Stern da Walther Gerlach suka harba atom ɗin azurfa ta tsakiyar maganaɗisu mai ƙarfin da ba daidai yake ko'ina ba, sai siririn layin ya rabu gida biyu. A lokacin ba a san sifin ba, sai a 1925 George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit suka kawo shi. Yau ana karanta sakamakon kai tsaye daga [Kr] 4d¹⁰ 5s¹: duk sassan ciki sun cika sun soke juna, saura elektiron guda mai n = 5, l = 0, mₗ = 0, wanda zaɓi biyu kawai gare shi, +½ ko −½. Da azurfa ta bi Madelung ta zama 4d⁹ 5s², da layin gida shida zai rabu.

Wani abin da ke sauƙaƙa wa mai lissafi shi ne tawayen yana ɓacewa a ayon. Jan ƙarfe ya rasa 4s¹ ɗinsa ya zama Cu⁺, [Ar] 3d¹⁰, shi ya sa gishiri irin CuCl da CuI farare ne kuma maganaɗisu ba ya jansu. Ya ƙara rasa ɗaya, wannan karon daga 3d, ya zama Cu²⁺, [Ar] 3d⁹, mai gurbi guda da mara aboki guda, kuma wannan gurbi ne ke ba da damar shan wani ɓangaren haske har ruwan CuSO₄ ya fito shuɗi. Kuromiyam ya rasa 4s¹ da biyu daga 3d ya zama Cr³⁺, [Ar] 3d³. Ko da mutum ya manta tawayen ya fara daga 4s² 3d⁴, zai iso 3d³ ɗin nan. Ga ayon masu caji +2 zuwa sama a layin farko, a ɗebe 18 da kuma cajin daga lambar atom, abin da ya rage shi ne adadin d: ga Cr³⁺, 24 − 18 − 3 = 3, ga Cu²⁺, 29 − 18 − 2 = 9. Ayon masu +1 ne ba su da tabbas, Fe⁺ 3d⁶ 4s¹ ne amma Co⁺ 3d⁸, sai dai ba kasafai ake haɗuwa da su a kwalba ba.

Tambayar elektiron na ƙarshe tana ƙara rikicewa a kan 'yan tawayen nan. A kuromiyam, shin na biyar ɗin 3d ake nufi ko tilon 4s? Idan an ce elektiron na waje, ko wanda zai fara fita, amsar ita ce n = 4, l = 0, mₗ = 0, mₛ = +½. Idan an ce wanda ya cika 3d, n = 3 ne da l = 2. Dole a karanta lafazin tambayar da kyau, idan kuma bai fayyace ba, a rubuta wanda aka ɗauka. Abin da babu jayayya a kansa shi ne kuromiyam yana da marasa aboki shida, biyar a 3d da ɗaya a 4s, duk kibansu gefe guda, kuma babu atom a layinsa da ya kai shi.

Duk jerin da aka kawo na atom marasa caji, na atom ne shi kaɗai a cikin tururi, babu maƙwabci. A dunƙulen ƙarfe ko wayar jan ƙarfe, obital na atom masu ɗimbin yawa sun narke cikin juna, ba a maganar 4s² na atom guda kuma. A cikin haɗin sinadarai adadin d yana nan daram, Fe²⁺ d⁶ ne ko'ina, amma zanen akwatuna biyar masu daraja ɗaya ya daina aiki. Idan abubuwa shida suka kewaye ayon ɗin, obital biyar suna rabuwa, uku a ƙasa biyu a sama. Idan tazarar ƙarama ce, kamar yadda ruwa ke haifarwa, Hund ke mulki, marasa aboki huɗu suna nan. Idan babba ce, kamar a [Fe(CN)₆]⁴⁻, shidan duk suna cunkushewa a ukun ƙasa biyu-biyu, babu mara aboki ko ɗaya. Ƙarfen da ke cikin jinin mutum yana yin duka biyun. A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka auna himogulobin, suka tarar wanda ba ya ɗauke da iskar oksijin maganaɗisu yana jansa, da marasa aboki huɗu a kowane ƙarfe, wanda ya ɗauki oksijin kuwa ba ya janyuwa. Saboda haka wanda aka tambaye shi marasa aboki nawa ne a Fe²⁺, idan ayon ne tsura amsarsa huɗu ce, idan kuma a cikin haɗi yake, sai ya fara duba abin da ke kewaye da shi kafin ya zana kibiya ko ɗaya.